Kafin Kuɗi Ya Bar Hannunka: Tambayoyin da Mai Neman Gidan Haya Zai Rubuta

Shirinmu na faɗakarwa a yau zai nufi Rimin Gado da ƙauyukanta, kuma maganarmu a kan hayar gida ce. Wanda yake da biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai tambayoyin da zan so a rubuta.

Duk wanda ya saba bin titin Gwarzo ya ga yadda gari yake ta miƙowa yamma. Daga Kabuga ka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ka wuce Janguza, gonakin da a da ake noma dawa da gyaɗa an yanka da yawansu filoti-filoti, bulo yana ta tashi. Rimin Gado kuwa kimanin kilomita 20 ne daga birnin Kano. Saboda haka masu neman haya a can sun ƙaru: malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar asibiti, ɗan kasuwar da hayar cikin birni ta fi ƙarfinsa, da kuma angon da gidansu ya cika babu inda zai ajiye amarya. A da, baƙo wajen mai unguwa yake sauka a nema masa ɗaki, kowa ya san mai ɗakin, kowa ya san baƙon. Yanzu dillali ya shiga tsakani, kuɗin ya yi nauyi, ana biyan shekara guda a dunƙule, amma cinikin har yau da fatar baki ake yin sa a gindin bishiya.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa shi ne, mai neman haya yana da ƙarfin magana ne muddin kuɗinsa yana aljihunsa. Da zarar ya miƙa, ya koma mai roƙo. Don haka tambaya kafin biya ake yin ta, kuma a rubuce, a karɓi amsa a rubuce.

Bari in kafa misali. Ba sunan kowa zan kama ba, alƙaluman ma na misali ne, amma duk wanda ya taɓa zaman sulhu a ƙofar gidan dagaci zai gane labarin. Wani matashi malamin firamare ne, an sa ranar bikinsa saura wata biyu. Dangin amarya suna ta aiko masa cewa suna so su zo ganin gida don su auna labule da wurin gado. Dillali ya karɓi naira 2,000 kuɗin gani, ya kai shi wani gida mai ciki da falo da kicin da banɗaki, ya ce hayarsa naira 200,000 a shekara, la'ada kuma naira 20,000. Silin ɗin falo ya yi tabon ruwa, ƙofar banɗaki ta ɓalle. Dillali ya ce, “Ai wannan ba komai ba ne, Malam, mai gida zai gyara cikin sati guda. Amma fa ka hanzarta, akwai wani da zai kawo kuɗi gobe.” Malamin ya tura naira 50,000 nan take a matsayin kafin alƙalami, ya cika sauran a ranar 1 ga watan Yuni, duka ta asusun dillalin.

Mukulli bai zo hannunsa ba sai 15 ga Yuli, gyara kuma ba a yi ba. Ganin ranar jere ta matso, ya kira kafinta ya kashe naira 40,000 daga aljihunsa. Da ya shiga, takardar wuta ta iso da tsohon bashi na naira 35,000, ya biya don kada a yanke wa amarya wuta. Mu haɗa: 200,000 da 20,000 da 2,000 da 40,000 da 35,000, ya kama naira 297,000. Sannan aka ce shekararsa tun 1 ga Yuni ta fara lissafi, ke nan ya biya wata ɗaya da rabi, kimanin naira 25,000, na gidan da bai kwana a ciki ba. A wata na bakwai sai ga wani dattijo ya yi sallama, ya ce gidan mahaifinsu ne, ƙaninsa ne ya bayar da haya ba da saninsu ba, kuma za a sayar a raba gado. Malamin ba shi da ko ƙyallen takarda, sai saƙon banki da ke nuna ya tura wa dillali kuɗi.

Kowace asara a cikin wannan labari akwai tambayar da za ta tare ta. To mu bi su.

Ta farko, kuma ita ce uwar sauran: gidan nan na wane ne, kuma wa ya ba da izinin a sa shi haya? Rubuta ta haka ɓaro-ɓaro, ka nemi cikakken sunan mai gida da inda yake zaune, ka kuma ce sai kun haɗu ido da ido, ko aƙalla kun yi magana ta waya a gaban dillalin. A ƙasar Rimin Gado wannan tambaya ta fi ko'ina nauyi, domin gidaje da filaye da yawa na gado ne da ba a raba ba. Mahaifi ya rasu, 'ya'ya goma, wasu suna Kano, wasu suna kudu wajen neman abinci, 'yan'uwa mata suna gidajen aurensu a Tofa ko Kabo, sai wanda yake zaune a gari ya riƙe mukulli ya ɗauka shi ne mai iko. Sau da yawa ba ma da niyyar cuta yake yi ba. Amma wanda yake da kaso ɗaya a cikin gida ba shi da ikon bayar da gidan gaba ɗaya haya sai da yardar sauran, kuma ranar da ɗaya daga cikinsu ya tayar da magana, kai ɗan haya kai ne a tsakiya.

Idan aka ce maka gidan gado ne, kada ka gudu, ka ƙara tambaya ɗaya: wa magada suka wakilta ya karɓi haya? A kawo takardar wakilci da sa hannunsu, ko babban wa da wasu daga cikinsu su sa hannu a takardarka. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, a san waliyyinsu ya sani. Idan kuma mai gidan saya ya yi, ka nemi ganin takardar ciniki. Galibin gidajen karkara ba su da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, abin da ake da shi takardar ciniki ce mai hatimin mai unguwa ko dagaci, wani lokaci da takardar ƙaramar hukuma. Ba a ce ka karɓe ta ba, ka dai gani da idonka, ka duba ko sunan da ke jiki shi ne sunan da aka gaya maka.

Sannan ka yi abin da iyayenmu suke yi. Ka je wajen mai unguwar wurin da ƙafarka, ba tare da dillali ba, ka gaishe shi ka ce, “Ranka ya daɗe, gida kaza nake so in kama haya, na wane ne, akwai rigima a kansa?” Ka yi sallar la'asar a masallacin layin, ka tambayi maƙwabcin da kuke katanga ɗaya me ya fitar da wanda ya zauna a gidan kafin kai. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma a cikin yini ɗaya za ka ji abin da dillali ba zai faɗa ba. Dillalin kirki, kuma suna da yawa, ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce mai gida ba ya son a dame shi, ko ya yi tafiya ba a samun wayarsa, amma kuɗi dole yau, to ya riga ya ba ka amsa. Biyan kuɗi a haka cinikin biri a sama ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare har yanzu a shirin faɗakarwa, muna magana kan abin da mai neman gidan haya zai rubuta kafin ya biya. Tambaya ta biyu ta kuɗi ce, kuma tana da rassa.

Ka ce a jera maka duk kuɗin da za ka biya kafin a ba ka mukulli, kowanne da sunansa da adadinsa: haya nawa, la'ada nawa, kuɗin rubuta yarjejeniya nawa, kuɗin ajiya na ɓarna idan akwai shi nawa, kuma a rubuta a ƙasa cewa babu wani kuɗi bayan waɗannan. Dalili shi ne, kuɗi na biyu da na uku ba sa fitowa sai ka biya na farko, lokacin da ba ka iya ja da baya. Kashi goma cikin ɗari da aka saba ji a matsayin la'ada al'adar kasuwa ce, ana ciniki a kanta kamar kowane abu. Ka tambaya kuma: dillalai nawa ne a cikin cinikin? Sau da yawa wanda ya kai ka ba shi ne ya san mai gida ba, wani ne ya gaya wa wani. A rubuta cewa la'ada ɗaya ce, su je su raba a tsakaninsu. A rubuta kuma cewa sau ɗaya ake biyanta, ba duk shekarar da ka sabunta haya ba.

Yaushe la'ada take zama haƙƙin dillali? A nan fiƙihunmu na Malikiyya ya yi bayani mai kyau. Ladan da aka sa a kan kammala wani aiki, kamar a ce wanda ya samo mini abu kaza zan ba shi kaza, ba ya wajaba sai aikin ya kammala. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta kawo wannan hukunci. Aikin dillali shi ne ya sada ka da gidan da za ka shiga. Don haka ka rubuta cewa za ka biya la'ada ranar da mukulli ya shiga hannunka, idan kuma ka riga ka bayar da wani abu sannan ciniki ya rushe ba da laifinka ba, za a mayar maka.

Sai kafin alƙalami, inda kuɗin talakawa ya fi nutsewa. Tambayar ita ce: idan ciniki bai yiwu ba, wannan kuɗi na wa ne? A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hani game da irin cinikin da mutum zai ba da wani abu a kan cewa idan ya fasa, abin da ya bayar ya zama na mai kaya, kuma Malik ya shigar da haya a cikin bayaninsa. Mazhabar Hambaliyya ta halatta shi, amma mu a nan Malikiyya muke bi, kotunan shari'armu ma ita suke bi. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce a rubuta: kafin alƙalami ɓangare ne na kuɗin haya, idan ciniki ya tabbata a cire shi daga ciki, idan bai tabbata ba a mayar cikin kwana kaza. Sa adadin kwanakin da lamba. “In Allah Ya yarda za a mayar” addu'a ce mai kyau, sai dai alƙali zai tambayi rana.

Reshe na ƙarshe: hannun wa kuɗin zai shiga? Kuɗin haya na mai gida ne, a tura shi asusun da ke ɗauke da sunan mai gida, la'ada kuma a ba dillali daban. Lokacin da za ka yi tiransifa, suna yakan fito a fuskar waya kafin ka danna tura. Tsaya ka karanta shi, ka gwada da sunan da aka rubuta maka. A wurin da ake rubuta bayani, sa cewa hayar gida kaza ce ta shekara kaza. Idan a wajen masu cirar kuɗi na bakin titi za ka tura, ka sani sunan mai shagon ne zai fito a matsayin wanda ya tura, ba naka ba, kuma rubutun 'yar takardar da injin yake fitarwa yakan goge bayan 'yan watanni, don haka ɗauki hotonta nan take. Idan tsabar kuɗi ne, a ƙirga a gaban shaidu biyu, mai gida ya rubuta rasit da hannunsa. Idan mai gida ya ce a ba wakilinsa, ya faɗa a rubuce.

Wasu masu gidaje sukan nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar, amma wannan dokar Legas ce, ba ta aiki a Kano. Ni dai shawarata, kada ka biya shekara biyu a gidan da ba ka ga damina ɗaya a cikinsa ba.

Tambaya ta uku gajeriya ce, amma ita ta cinye wa malaminmu naira 25,000: daga wace rana haya ta fara, zuwa wace rana? A rubuta cewa tana farawa ranar da aka miƙa mukulli gida yana a shirye, ba ranar da aka biya ba. A rubuta rana da wata da shekara. “Bayan Sallah” ko “da kaka” ba rana ba ce. A kuma fayyace da wane lissafi ake, domin shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, kuma an sha yin musu a kan haka. Risala ma sharuɗɗan da ta sa wa haya su ne a san wa'adi, a san kuɗi.

Ta huɗu ita ce gyara da tsofaffin basussuka, kuma a nan sai an shiga gidan da ido buɗe. Je da rana, ka ɗaga kai ka dubi silin. Tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa alamar kwano yana yoyo ne, ko da an shafe shi da sabon fenti za ka ga wurin ya ɗan kumbura. Dubi gindin bango daga ciki: idan siminti yana ɓarewa yana yin farin gari kamar kanwa, ƙasa tana tsatstsafo da ruwa. Fita waje ka ga inda ruwan tsakar gida yake bi, domin gidajen da aka gina a tsofaffin gonaki sau da yawa babu magudana a layinsu, kuma gidan da ka gani fes a watan Maris yana iya zama a tsakiyar kududdufi a watan Agusta. Maƙwabta za su gaya maka. Leƙa masai da tocila ka ga ko ya kusa cika, ka zuba bokitin ruwa a banɗaki ka ga ko yana wucewa. Idan akwai rijiya, tambayi ko tana ƙafewa da bazara, domin idan tana ƙafewa, kuɗin 'yan garuwa ya shiga cikin hayarka.

Duk abin da ka gani, ka jera shi a takarda, kowanne a rubuta wa zai gyara, kuma zuwa yaushe. Idan mai gida ya ce ba shi da kuɗi yanzu, kai ka gyara, to a yi kiyasin kuɗin tare, a rubuta cewa za a cire daga haya, kuma ya fi kyau a cire tun a biyan farko. Da malaminmu ya yi haka, da naira 160,000 ya biya maimakon 200,000. Ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da ka shiga, don kada ranar fita a ɗora maka tsagewar da ka tarar. Akwai kuma tambayar da ba a son yi, amma gidajen ƙasa da tsofaffin gine-gine suna tilasta ta: idan ɗaki ya rushe da damina, ina makomar kuɗina? Hukuncin Malikiyya shi ne, idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a sauran lokacin, wato kuɗin watannin da suka rage naka ne. A rubuta shi tun ana dariya da juna.

Batun wuta kuwa, ka nemi lambar mita ko lambar asusun gidan a wajen kamfanin KEDCO, da takardar bil ta ƙarshe. Bashin wuta a aikace yana maƙale da asusun gidan, wanda ya ci ya tashi ya tafi, takarda kuma ƙofarka za a kawo ta. Idan mita mai kati ce, a sayi wutar ɗan kuɗi kaɗan a gabanka a dubi rasit, domin idan akwai tsohon bashi akan riƙa cire wani abu daga duk sayen da aka yi. A rubuta adadin bashin, da wanda zai biya, da lambar da mita take nunawa ranar da ka shiga. Idan mita ɗaya kuke da wasu 'yan haya, a faɗi yadda ake rabawa. Idan ka ga an jawo waya daga wani gida ko an zagaye mita, ka ce a gyara kafin ka shiga, don ranar da aka zo kamu wanda aka tarar a ciki shi ake tuhuma.

A nan zan sa 'yar magana ga iyayenmu mata da ƙannenmu masu sana'a a gida. Hajiya, idan kina kiwon awaki ko kaji, ko kina da injin markaɗe, ko kina suyar awara ta sayarwa, a tambaya tun farko ko mai gida ya yarda, a rubuta. Haka nan soro da rijiya da masai, idan na tarayya ne a faɗa.

Tambaya ta biyar ita ce ta fita. Idan mai gida yana son gidansa, notis ɗin wata nawa zai ba ni? Idan zai ƙara kuɗi, yaushe zai sanar da ni? Idan ni na tashi kafin shekara ta cika, za a mayar mini da sauran kuɗi, ko zan iya kawo wanda zai ƙarasa? Idan an sayar da gidan ko mai gida ya rasu fa? A tsarin dokokin haya na yawancin jihohin Najeriya, idan ba a rubuta wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai zaman shekara-shekara yana da na wata shida, sannan a ƙara masa na kwana bakwai kafin a kai shi kotu. Amma idan an rubuta wani wa'adi a yarjejeniya, shi kotu take bi. Don haka idan aka miƙo maka bugaggiyar takarda da Turanci, kada ka sa hannu sai an karanta maka wannan sashe, domin ana iya rubuta wata ɗaya ka sa hannu ka zubar da wata biyar. Kuma ko an sayar da gida ko mai shi ya rasu, a Malikiyya wa'adin da ka biya ba ya rushewa, sabon mai gida ko magada sai su jira ya cika. Sai dai wannan haƙƙi sai ka iya nuna cewa ka biya, ga wanda yake da ikon karɓa, zuwa rana kaza. Mai gida kuma ba shi da hurumin cire maka rufi ko sa wa ƙofa kwaɗo ko watso kayanka waje, hanyarsa kotu ce.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa yanzu: “Yaya zan kai wa dattijo sa'an mahaifina takarda, kamar ban yarda da shi ba?” Wannan kunya ce mai kyau, amma ba wurinta ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka saukar da ita. Kuɗin shekara da ka biya tun farko, mai gida yana riƙe da haƙƙinka ne na wata goma sha biyu. Ka ce masa, “Baba, ba don rashin yarda ba ne, saboda rai da mantuwa ne, kuma kariya ce gare ka kamar yadda take gare ni.” Gaskiya ce kuwa, domin takardar nan ita za ta hana ɗan haya ya ce ya biya abin da bai biya ba, ko ya ƙi tashi bayan wa'adi.

Yadda za a yi shi ba wuya. Falle ɗaya ya isa. Rubuta tambayoyin da Hausa, da boko ko da ajami, ka bar fili a ƙarƙashin kowace don amsa. A yi kwafi biyu, mai gida ya sa hannu, kai ka sa, dillali ya sa, shaidu biyu su sa, ɗaya daga wajenka. Idan an samu hatimin mai unguwa ya ƙara ƙarfi. Wanda bai iya karatu ba ya zo da nasa mutumin da zai karanta masa, ba na dillali ba, kuma wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, ya rubuta cewa an karanta wa mai dangwalawa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Idan mai gida yana nesa, tura masa tambayoyin ta saƙon waya ko ta WhatsApp ya amsa, ka adana, kada ka goge. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ta yarda a gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu idan an cika sharuɗɗanta. Idan kuɗin yana da yawa, kamar hayar shago ko gida sukutum, abin da za ka ba lauya ya duba maka takarda bai kai abin da za ka rasa ba.

Wanda kuma ya riga ya biya babu takarda, kada ya jira rigima. Ya je wajen mai gida cikin wannan makon, tun ana shiri, a rubuta abin da aka biya da ranar da wa'adi zai cika, a sa hannu gaban shaidu. Idan rigimar ta riga ta taso, a fara da mai unguwa da dagaci, ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, in ta ƙi sai kotu, kuma kada a ɗauki doka a hannu.

Iyaye da yayye, ku da kuke matsa wa ango ya nuna gida kafin ranar jere, ku ba shi kwana biyu ya ga mai gida da mai unguwa. Masu gidaje da dillalai na Rimin Gado, daga Gulu zuwa Yalwan Ɗanziyal, idan mai neman haya ya zo muku da takarda, ku karɓa ku amsa masa. Kai kuma mai neman haya, kada ka tura ko naira ɗaya sai amsoshin nan suna hannunka da sa hannun mai gida.